Sunan Ghissa a Ƙasan Shafi

Ghissa ag Hamadi mutum ne mai son sunansa, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. A gindin butar shayinsa akwai sunan, an karce shi da ƙusa. Yana kan murfin akwatinsa, yana kan ƙotar wuƙarsa, yana cikin takalminsa na dama da na hagu. In ya ara maka littafi za ka iske sunan a shafin farko da na tsakiya da na ƙarshe, don ko wani ya yage ɗaya saura na nan. In aka yi masa dariya sai ya ce, “Rago aka yanka a kan sunan nan. Ba zan bar shi ya zauna banza ba.”

Ubansa Hamadi ɗan aike ne a ƙasar Abzin. Ba ya karatu, ba ya ɗaukar takarda. Shugaban wata zuri'a zai zaunar da shi ya faɗa masa magana sau ɗaya, ya hau raƙumi ya yi tafiyar da za ta kai shi, ya sauka ya zube maganar gaban wanda aka aike shi wurinsa ba tare da ya zubar da kalma a hanya ba. Wannan kan Ghissa ya gada. Da sojan kumandan, Baturen mulki, suka kai shi lakwal, wato makarantar boko, malamai suka so shi don yana duba shafi ya rufe ya karanto shi duka. Haka ya wuce Agadas, ya wuce makarantar horar da malamai ta Tawa, ya komo ya koyar. Bai daɗe ba ya yi faɗa da shugaban makarantar a kan wani rahoto da ya rubuta aka aika da shi Yamai babu sunansa. Ya ɗauki akwatinsa ya fita.

A shekarar da aka yi ƙuri'ar i ko a'a, Faransa tana nan da mulkinta, Nasara suka bazu a filayen da ke yamma da duwatsun Abzin suna neman uraniyom. Lokacin Arlit ba gari ba ne. Babu titi, babu motocin ma'aikata, sai fili da tsakuwa da masu kiwo. Ghissa ya sami aikin komi, wato magatakarda, a wani sansani na masu binciken. Shugaban sansanin masanin duwatsu ne, dogo mai jan wuya, wanda ba a taɓa ganinsa babu guduma a ɗamararsa ba, don haka ma'aikata suka sa masa Mai Guduma. A ƙarƙashinsa akwai samarin Nasara masu fita daji da na'urar da ke ƙara in ta kusanci dutsen da ake nema.

Duk lokacin da kamiyon wasiƙu, babbar motar da ke kawo saƙo, ya zo daga Agadas yakan kawo mujallun masana. Rubutu ne ƙanana, a cushe, jimla ɗaya sai ta cinye rabin shafi. Samarin ba su da lokacin karanta su, Mai Guduma kuma ba shi da haƙuri. Da ya ga yadda Ghissa ke haɗiye takarda sai ya ba shi aikin: ya karanta kowace maƙala, ya taƙaita ta a shafi ɗaya, a buga a raba wa samarin, a kuma haɗa da rahoton wata da ake aikawa Dakar da Faris.

“Da sharaɗi, Mushe,” in ji Ghissa, yana kiransa yadda ake kiran maigida da Faransanci. “Sunana a ƙasa.”

“Komi ba ya sa suna a rahoto.”

“To komi ba ya taƙaita mujalla. A ba ni takardun man fetur in ci gaba da su.”

Mai Guduma ya yi dariya ya yarda. Daga nan kowane shafi ya riƙa fita da taken maƙalar a sama, a ƙasa kuma da manyan baƙaƙe: Ghissa ag Hamadi. Sunan mai maƙalar bai damu ya sa ba. A ganinsa mujallun suna cikin akwati a tantin biro, wato ofis, mai so ya je ya duba.

Yana da hanyar aikinsa, kuma yana alfahari da ita. A Tawa an koya masa cewa mai taƙaitawa ba ya kwafa: ya karanta, ya rufe littafi, ya rubuta daga kansa. Shi ma haka yake yi. Yakan ma kulle mujallar a akwati ya zauna a kan murfin, don kowa ya gani.

Wata safiya, bayan kamiyon wasiƙu ya sauke kaya, Mai Guduma ya aika a kira shi. A kan tebur akwai mujalla a buɗe, da shafin Ghissa kusa da ita, da jan fensir, da wasiƙa. Wasiƙar daga wani Farfesa Marsal take, malamin jami'a a Faransa. Rahoton sansanin ya faɗa hannunsa, ya ga maƙalarsa a ciki, wadda ya yi shekaru yana aikinta, jimlolinsa ne ɗaya bayan ɗaya, babu sunansa, babu alamar zancen wani, sai sunan wani mutum da bai taɓa ji ba.

“In karanta maka ƙarshenta?” in ji Mai Guduma.

“Karanta, Mushe.”

“Ya ce mutumin nan ko dai ɓarawo ne, ko kuwa aku ne da bai san abin da yake maimaitawa ba.”

Ghissa ya gyara rawaninsa ya ja shi sama da hanci. “Ban kwafa ba. A kan akwatin nake zaune lokacin da nake rubutawa. Tambayi kuku, tambayi kowa.”

“Na sani. Na gan ka. Zo ka duba.”

Mai Guduma ya riga ya ja layi ja ƙarƙashin duk wurin da shafin Ghissa ya yi daidai da mujallar. Shafin ya yi ja kamar an yanka kaza a kansa. Abin da ya tsira sai 'yan kalmomin haɗi da sunan da ke ƙasa. Ghissa ya tsame jimlolin farfesan ne daga nan da can, ya zubar da waɗansu, ya jera saura. Ya rufe mujallar da gaske, amma kansa bai rufe ta ba. Ga mutum irinsa, akwati da kwaɗo ba su hana komai.

Mai Guduma ba mugu ba ne, yana dai son abin ya wuce da sauri. Ya ce ga mafita. Zai rubuta wa farfesan cewa komin ɗan ƙasa ne, Faransancinsa bai kai ba, bai san ka'idar ba. Farfesan zai huce, don ba wanda ke fushi da aku. Ghissa ya ci gaba da aikinsa yadda ya saba, sai dai daga yau shafin zai zauna a sansani, babu suna a kansa.

“Wato in zaɓi aku.”

“Ya fi ɓarawo sauƙi.”

“A wurinka. Ban zaɓi ko ɗaya ba, Mushe. Ba ni mujallar. Zan sake yi, kuma da sunana zai fita.”

“In na sami jimlarsa ko ɗaya a ciki fa?”

“Ka cire sunan, ka cire ni.”

Mai Guduma ya tura masa mujallar. Ya ce yana da lokaci har kamiyon wasiƙu ya sake zuwa.

Kafin azahar labari ya gama sansanin. Da Ghissa ya je cin abinci, Mano direba ya tare shi. Mano ɗan ƙanwar Hamadi ne, taubashin Ghissa, saboda haka yana da izinin faɗa masa abin da wani ba zai faɗa ya kwana lafiya ba. Shi ke tuƙa motar ruwa.

“Jama'a, ku ɓoye takalmanku, ga Mushe Komi nan!” in ji Mano. “Taubashi, an ce ka yi sata. Na yi murna, na ce yau za mu ci nama. Ashe magana ka sato. Ita ake dafawa da me?”

“Da harshenka, in na yanke shi.”

Mutane suka yi dariya, amma Ghissa ya ga yadda waɗansu dattawan masu haƙa suka kau da ido. A Abzin ana iya ce wa mutum matalauci, ana iya ce masa mahaukaci, ya ci gaba da shan shayi da mutane. In aka ce masa ɓarawo, maganar takan riga shi isa rijiyar danginsa.

Ya koma tanti ya ɗauko ƙamus. Dabararsa mai sauƙi ce: tunda kalmomin na Marsal ne, zai ba shi abinsa ya sa waɗansu. Ya bi shafin jimla jimla. Inda farfesan ya ce “ruwa ya ratsa” ya sa “ruwa ya keta.” Inda ya ce “ya taru” ya sa “ya cunkushe.” Ya juya kan wata jimla ya mayar da shi wutsiya. Da ya gama babu layi ɗaya da ya yi daidai da mujallar, ya kai wa Mai Guduma yana tafiya kamar wanda ya dawo daga yaƙi.

Mai Guduma ya karanta a tsaye. Bai ma ɗauki jan fensir ba.

“Raƙuminsa ne har yanzu, ka sauya masa sirdi kawai. Dubi nan. Ya fara da wannan, ka fara da shi. Ya bi da wancan, ka bi. Jimlarsa ta uku ita ce taka ta uku. Kuma ka ɓata abin da da yake daidai. Ya ce dutsen yashi, kai ka sa rairayi. Dutsen yashi dutse ne, sunansa ke nan, ba mallakar Marsal ba ce, kowa haka yake kiransa. A nan kuma ya ce mai yiwuwa ne. Ina mai yiwuwar ta tafi?”

“Ta yi wa jimlar nauyi, na cire.”

“Ka sa mutum ya rantse a kan abin da ya ce yana zato. Da sata ce kawai, yanzu ka ƙara da ƙarya a bakinsa.” Ya miƙa masa takardar. “Ghissa, karɓi shawarata. Ba abin kunya ba ne.”

“Kamiyon bai zo ba tukuna, Mushe.”

Washegari ya bi Mano zuwa rijiya ɗebo ruwa, don ya gaji da idon mutane. Tafiya ce mai nisa a kan tsakuwa, motar tana jijjiga, rana tana dukan ƙarfe. Mano ya yi shiru iya ƙarfinsa, wanda bai da yawa.

“Wai me ke cikin takardar nan da ake son korarka a kanta?”

Ghissa ya buɗe baki, Faransancin Marsal ya zubo, sumul, har da waƙafi.

“Kai, dakata! Ni ba Nasara ba ne. Faɗa mini da bakin mutane.”

Ghissa ya fara da Hausa yana cusa Tamajak, harshen Abzinawa, inda ta fi kusa. Ya ce mutumin yana tambaya ne me ya sa ake samun uraniyom a cikin dutsen yashi, alhali ba can aka haife shi ba. Ya ce asalinsa yana cikin manyan duwatsu masu tauri, irin na Abzin. Ruwan sama ya wanke shi ya narkar da shi, ya shiga da shi ƙarƙashin ƙasa, ya bi ta cikin dutsen yashi, wanda tsohon kwarin kogi ne da ya daskare.

“To,” in ji Mano. “Ruwa ya ɗauka. Me ya sa ya ajiye?”

“Saboda ya iske wuri mai...” Kalmar Faransanci ta zo, ya faɗe ta.

“Ita ce me?”

Ya sake faɗin ta da ƙarfi.

“Ba kurma ba ne ni, taubashi. Na ce mece ce. Kamar gishirin Tigidda ne? Rana ta shanye ruwa ta bar gishiri?”

“A'a. Babu rana a ƙarƙashin ƙasa.”

“To mene ne?”

Motar ta yi ta tafiya. Ghissa yana iya karanto sakin layin nan daga farko zuwa ƙarshe, daga ƙarshe ma zuwa farko in an matsa masa. Amma me ya sa ruwan ya saki abin da ya ɗauka, bai sani ba. Ya rubuta shi, ya sa sunansa a ƙasa, samari sun ɗauka sun tafi daji da shi, shi kuwa bai sani ba. Wannan ya fi wasiƙar ci masa rai, don farfesan ya harba a duhu ne ya same shi.

Mano ya dube shi ta gefen ido ya ga ba lokacin wasa ba ne, amma bai iya daurewa ba. “Allah ya jiƙan kawu Hamadi. Shi ma maganar mutane yake ɗauka, ba wanda ya taɓa ce masa ɓarawo.”

“Dubi hanya, kada ka kashe mu.”

Har suka kai rijiya Ghissa yana tuna ubansa yana sauka daga raƙumi. Kafin kalma ɗaya ta saƙo ta fita bakinsa sai ya ce, wane yana gaishe ka, ya ce in ce maka. Sannan ya zubo maganar yadda aka ba shi. In ya kai ƙarshe ya ce, iyakar tasa ke nan. Wani lokaci mai gida ya ce, to Hamadi, bar wannan, kai da ka zauna da shi, me mutumin yake nufi? A nan Hamadi yakan gyara zama ya yi bayani da bakinsa, a gajarce, ba ya ƙara wa mai aiken abin da bai ce ba. In kuma zai sa ra'ayinsa sai ya ce, wannan nawa ne. Ghissa ya gaji kan tsohon, ya bar duk sauran a Abzin.

Da suka komo sansani ya wuce kai tsaye tantin ɗaya daga cikin samarin Nasara, wanda ke wanke samfurin duwatsu a kwano. Ya buɗe mujallar ya ɗora yatsa a kan kalmar.

“Ban gane wannan ba,” ya ce. “Wannan kaɗai. Saura na gane.”

Ba ita kaɗai ba ce, kafin su tashi sun kai wajen biyar, amma saurayin bai ƙirga masa ba. Ya ɗauko wani baƙin dutse ya fasa ya nuna masa sawun itace a ciki. Ya ce ruwan yana iya riƙe uraniyom ne muddin akwai iskar shaƙa narke a cikinsa. In ya iso inda tsofaffin itatuwa da ganyaye suka binne a cikin yashin, su sai su cinye iskar. Da ta ƙare, ruwan ya kasa riƙe kayansa, uraniyom ya zauna a wurin. Ghissa ya sa ya maimaita, ya tambayi ta yaya farfesan ya sani, ya tambayi me ya sa bai tabbatar ba. Saurayin ya ce don a wuri ɗaya kawai ya yi bincikensa, a wata ƙasa, kuma akwai masana da ke cewa ruwan zafi ne daga can ƙasa ya kawo shi.

Saura matsalar kansa, wanda ba ya mantuwa. Ya san in ya ɗauki alƙalami ya fara da Faransanci, Marsal zai riga shi fita. Sai ya sake karanta maƙalar, wannan karon yana tsayawa a ƙarshen kowane sashe ya rubuta abin da ya fahimta da tifinagh, rubutun Abzinawa, kalma biyu ko uku da Tamajak. Jimlar Nasara ba ta da ƙofar shiga nan. Bai bi jerin farfesan ba. Ya jera abin bisa tambayoyin da saurayi mai fita daji zai yi: me mutumin ya gano, a ina, da wace shaida, har ina ya tabbata, me ya rage ana gardama a kai.

Sannan ya je ya iske Mano a ƙarƙashin mota yana ɗaure wani abu, ya tsuguna ya ba ƙafafunsa bayani daga farko.

“Wato itacen ne ɗan fashi,” in ji Mano daga ƙarƙashi. “Ruwa ya ɗauko kaya, itace ya tare hanya.”

“Kusan haka. Amma mutumin bai rantse ba, zato yake.”

“Shi ma bai sani ba? Duk wannan fushin a kan zato?”

“Zatonsa ne. Ya sha wahala kafin ya yi shi.”

Da Mano ya daina samun tambayar da za ta tsayar da shi, Ghissa ya zauna ya rubuta da Faransanci, yana duban 'yan kalmominsa na tifinagh kawai. Layin farko ya sa sunan Marsal, da taken maƙalar, da sunan mujallar, da shekara, da shafuka. A cikin rubutun ma bai bar shi ya ɓace ba: Marsal ya nuna, a ganin Marsal, marubucin bai tabbatar ba. Sunayen duwatsu ya bar su yadda kowa ke kiransu. Ko da haka jimlolin farfesan sun yi ta leƙowa. Da ya gama ya buɗe mujallar ya ajiye kusa da shafinsa, ya ari jan fensir ya bi da kansa. Ya kama wurare uku. Biyu ya rushe ya sake ginawa daga tushe. Na ukun ita ce jimlar da Marsal ya faɗi iyakar abin da ya yarda da shi, an auna kowace kalma a cikinta, taɓa ta ɓata ta ne. Ya bar ta yadda take, ya sa mata alamar zancen wani gaba da baya, ya rubuta lambar shafi. A can ƙasa ya ƙara layi biyu a kan cewa an ga sawun itace a duwatsun da samarin ke kawowa, ya rubuta a gabansu cewa wannan lura ce ta mai taƙaitawa, ba ta Marsal ba.

Ranar da ƙurar kamiyon wasiƙu ta bayyana daga kudu Ghissa ya shiga tantin biro. Mai Guduma ya zauna da jan fensir ya bi shafin a hankali, yana komawa mujallar, yana dawowa. Fensirin bai taɓa takardar ba.

“Ya yi,” ya ce. “Ya fi gajarta, kuma yaran za su gane shi. Zan aika da shi, da 'yar takardar gyara daga biro. Ba sai an ambaci kowa ba. A bar sunan ya huta wata biyu uku har a manta.”

Ghissa ya zaro wata takarda daga aljihu ya ajiye. Layi kaɗan ne. Ta ce taƙaitawar da ta fita a rahoton baya kalmomin Farfesa Marsal ne, an sa su ba tare da sunansa ba, wannan ba daidai ba ne, ga wadda ta maye gurbinta. A ƙasa, da manyan baƙaƙe, Ghissa ag Hamadi.

“Ka san abin da kake yi? Wannan zai shiga takardunka na aiki. Ana neman babban komi a biro na Agadas, na riga na ba da sunanka. Da wannan ba za su ɗauke ka ba.”

“Kuskuren da sunana ya fita, Mushe. Gyaran ba zai fita maraya ba.”

“To bari in ƙara layi ɗaya, cewa Faransanci ba harshenka ba ne. Zai sassauta musu.”

“Faransancina ne ya yi yawa, shi ya jawo abin. In ka ƙara layin nan, ni zan bi kamiyon da ƙafa in yage shi.”

Suka dubi juna. A waje direban kamiyon yana ta matsa oda. Mai Guduma ya zagi wani abu da harshensu, ya haɗa takardun biyu ya cusa a ambulan.

Ba a ba Ghissa aikin Agadas ba, an ba wani Nuhu da bai kai shi ba, kuma Ghissa bai fasa faɗin haka ba har ya mutu. Farfesan bai amsa ba, ko da kalma. Amma shafin ya ci gaba da fita kowane wata, sunan mai maƙala a sama, na Ghissa a ƙasa. Ya ƙi yarda a rage girman baƙaƙen nasa. Abin da ya yarda da shi kawai shi ne a ƙara girman na sama su yi daidai. Dattawan masu haƙa suka komo shan shayinsa. Mano kuwa ya sami aikin da bai nema ba, don duk maƙalar da ta zo sai an ba shi ita da baki kafin a rubuta, har ya riƙa cewa shi ne direban da ya fi kowa sanin duwatsu a ƙasar, kuma ba a biya shi ko sisi ba.

Nasara suka sauka daga mulki, aka gina Arlit, Ghissa ya koma can ya riƙe ɗakin ajiye mujallu na wani kamfani har ƙarfinsa ya ƙare. Bai yi laushi da tsufa ba. 'Yan makaranta da ƙananan ma'aikata sukan kawo masa taƙaitawarsu ƙofar gida, a ƙarƙashin rumfar da ya rubuta sunansa a kan kowane ginshiƙinta. Ba ya karɓar takardar. Yakan ce a ajiye ta a kife, a faɗa masa da Hausa. In mutum ya fara kame-kame sai ya ce, “Nan ne ba ka gane ba, kuma nan ne ka kwafa. Juya mu gani.” Yawanci haka ne. Waɗansu sukan tafi da fushi ba su komo ba, bai kuma aika a kira su ba.

A ciwonsa na ƙarshe mutane suka taru gaishe shi, Mano yana gefe, ya tsufa, ba ya gani sosai. Wani ya fara yabon Ghissa, yana cewa mutum ne da bai taɓa taɓa abin wani ba. Ghissa ya ɗaga hannu ya tsayar da shi.

“Kada ku gyara ni,” ya ce. “In za ku ba da labarina ku ba da shi har da jan fensirin. Kowa ya faɗa da bakinsa, kada ku haddace nawa, kuma ku ce daga wa kuka ji. Sunan dai ku faɗe shi duka, Ghissa ag Hamadi, kada wanda ya gajarta mini shi.”